Takardar kamfani ta cinye wurin rubutu, sa hannu ya faɗa shafi na biyu

Maman Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar ɗab'i da zane ku taimaka min. Muna da ɗan kamfani na gyara da saka kayan sola, mu huɗu ne. Mun ba wani ya tsara mana takardar wasiƙa mai tambari, wato letahed, kuma a ido ta yi kyau sosai. Tambarin yana tsakiya a sama, babba, sunan kamfani a ƙarƙashinsa, sai takenmu, sai jerin ayyukan da muke yi. A ƙasa kuma akwai wani baki mai launin shuɗi ɗauke da adireshi, lambobin waya uku, imel da lambar asusun banki.

Jiya na zo rubuta wasiƙar neman aiki, sakin layi uku ne kawai, amma wallahi sai ga “naku” da sunana da wurin sa hannu sun tsallaka shafi na biyu su kaɗai, kuma a can ma tambarin ya sake fitowa da girmansa. Na rage girman rubutun har zuwa 9 kafin ya shiga, ni kaina da ƙyar nake karantawa. Ina gyaran yake?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin kowa ya ba ki shawara, ki buga shafi ɗaya ki ɗauko rula. Ki auna mana daga bakin takardar na sama zuwa inda layin farko na wasiƙarki yake farawa, sannan daga bakin ƙasa zuwa inda layin ƙarshe yake tsayawa. Da waɗannan awo biyun za mu ga ciwon.

Maman Iman:
Na auna Malam. Zanen sama ya kai santimita 7, rubutu yana farawa a 8. Shuɗin ƙasa santimita 4 da rabi ne, rubutu yana tsayawa a 5 da rabi.

Baba Ɗanjuma:
'Yata, ni dai shawarata kada ki rage tambarin nan. Tambari ai don a hango shi daga nesa ake yinsa. Ni nawa da na sa aka ƙara masa girma aka sa jan launi, daga tsallaken titi mutum yake karanta sunan shagon. In kika ƙanƙanta shi wa zai gani?

Anti Larai:
Baba, ba allon ƙofar shago take nufi ba. Takardar da ake rubuta wasiƙa a kai take magana, wadda mutum zai riƙe a hannunsa ya karanta.

Baba Ɗanjuma:
Af, to na gane. Amma ko a takardar ma ina ganin a bar suna ya fito sosai.

Malam Habu:
Zai fito Baba, in sha Allahu. Abin da ake karantawa a nisan kamu ɗaya ba ya buƙatar girman abin da ake hangowa daga tsallaken titi.

Hajiya, ga lissafin. Takardar A4 tsawonta milimita 297 ne, faɗinta 210. Ba ta ƙaruwa, duk abin da sama da ƙasa suka ci daga wurin wasiƙa suka ci. Ke yanzu sama ya ɗauke 80, ƙasa ya ɗauke 55, saura 162. In kina rubutu da girma 11 da tazara ta daidai, kowane layi yana cin kusan milimita 5, kenan kina da layi 32.

Mutum zai ji layi 32 ya ce ai da yawa. Amma ki duba abubuwan da kowace wasiƙa take ɗauke da su ko da maganar cikinta jimla ɗaya ce. Kwanan wata da fili bayansa, layi 2. Suna da adireshin wanda ake rubuta wa, layi 4 da fili ɗaya, 5 kenan. Gaisuwa da filinta 2, kan magana da filinsa 2. A ƙasa kuma akwai fili da kalmar rufewa, 2, wurin sa hannu aƙalla layi 4, suna da muƙami 2. In kika tara, layi 19 sun tafi ba ki ce komai ba tukuna. Abin da ya rage miki na ainihin magana layi 13 ne. Shi ya sa sakin layi uku suka kore ki zuwa shafi na biyu. Laifin ba na wasiƙarki ba ne, kuma rage rubutu zuwa 9 ba magani ba ne, sai dai ya wahalar da idon wanda kike neman aikin a wurinsa.

Abin da nake yi wa masu kawo min irin wannan aikin: rubutu ya fara a milimita 45 daga sama, ya tsaya a 30 daga ƙasa. Saura 222, wato layi 44. Cire 19 ɗin nan, kina da layi 25 na magana. Daga 13 zuwa 25, kusan ninki biyu, ba tare da an taɓa girman rubutu ba.

Maman Iman:
Kai, ban taɓa ƙirga shi haka ba. Amma Malam ta yaya duk abin da ke saman nan zai shiga santimita 4 da rabi? Tambarin kaɗai santimita 4 ne.

Malam Habu:
Abin da ya cinye miki wuri shi ne an jera komai ɗaya bisa ɗaya. Tambari, suna a ƙasansa, take a ƙasan suna, ayyuka a ƙasan take. Faɗin takardar kuwa yana nan a banza hagu da dama. Sai a kwantar da jerin: tambari a hagu, tsawonsa milimita 20 zuwa 22, sunan kamfani a gefensa, ba a ƙasansa ba. Tambarin ya fara a milimita 12 daga bakin sama, ya ƙare a 34. In kina son siririn layi ya raba kan takarda da wasiƙa, ya zauna a wajen 38. Daga nan zuwa 45 a bar shi fari, domin in rubutu ya manne da zane ido ba ya gane inda wasiƙa ta fara.

Jerin ayyukan nan kuma ni dai da za ki ji tawa, ki cire shi. Wanda kike rubuta wa wasiƙa ai a cikin wasiƙar za ki gaya masa abin da kike yi. Ɗan gajeren layi ɗaya a ƙarƙashin suna, kamar “Saka kayan sola da gyaransu”, ya wadatar.

Sadik:
Salam. Ni ma ina ɗan taɓa zane. Ma'aunin Malam na yarda da shi, amma hanyar da ta fi sauƙi ita ce a zana shafin gaba ɗaya, sama da ƙasa, a fitar da shi hoto guda, a saka a Word a zaɓi Behind Text a ja shi ya cika takarda. Shi kenan babu abin da zai motsa. Haka nake yi wa mutane kuma ba a taɓa dawo min da shi ba. Sannan ni ina ganin shuɗin ƙasan nan a bar shi ya kai baki da baki, shi ne yake ba takarda kwarjini.

Malam Habu:
Sadik, rabin maganarka daidai ne. Gaskiya ne abu ba zai motsa ba, musamman in a cikin Header, wato filin saman shafi, ka saka hoton ba a jikin wasiƙa ba. Amma akwai abu biyu.

Na farko, adireshi da lambar waya sun zama hoto. Ƙaramin rubutu in ya zama hoto gefensa yana yin dishi-dishi a bugu, kuma in aka aika wasiƙar a PDF mai karɓa ba zai iya kwafe imel ko lambar waya ba, sai ya sake bugawa da hannunsa. Ranar da aka canza lambar waya kuma dole a nemo ka. Tambari ya zama hoto, amma adireshi ya zama rubutu na gaske da za a iya gyarawa.

Na biyu, launi baki da baki. Yawancin firintocin ofis ba sa iya bugu har bakin takarda, suna barin wajen milimita 4 zuwa 5 fari a kowane gefe, wasu masu tawadar ruwa ma sun fi barin fili a ƙasa. To shuɗin zai fito da farin zobe kewaye da shi, sau da yawa ma gefe ɗaya ya fi ɗaya. A maɗaba'a muna samun launi har baki ne saboda a babbar takarda muke bugawa, zanen ya wuce iyaka da milimita 3, sannan mu yanke. In Hajiya za ta kai a buga mata da yawa a maɗaba'a, ba laifi. In daga firintar ofishinta komai zai riƙa fitowa, to kada wani abu ya kusanci baki fiye da milimita 10.

Sadik:
Na ji batun adireshin. Amma farin zoben nan ni ban ga ya dami kowa ba, Malam. Kuma yawancin wasiƙun yanzu ai a waya ake karanta su, a can launin yana cika har baki.

Malam Habu:
Ko an aika a waya, wanda ya karɓa sau da yawa yana bugawa ya saka a fayil. A firintarsa za ta fito, ba taka ba.

Anti Larai:
Bari in sa baki a nan, domin na yi shekaru ina karɓar wasiƙu ina jera su a fayil, kuma abin da masu zane ba sa gani kenan, abin da yake samun takarda bayan ta bar hannunsu.

Wasiƙa in ta iso ofis, abu na farko a buga mata hatimin karɓa da kwanan wata. Ana neman farin fili ne a sama, yawanci ta dama, daura da adireshin mai karɓa. In babu, a kan tambarinku za a buga shi. Sai a huda ta. Ramukan nan biyu suna cin wajen santimita ɗaya da rabi daga gefen hagu, saboda haka duk wanda ya jera adireshinsa a tsaye a gefen hagu don ado, na sha ganin rami ya cinye lamba biyu daga lambar wayarsa. Ki bar santimita 2 da rabi a hagu, 2 a dama. Sannan kusurwar sama ta hagu nan ake danna ƙusar haɗa takardu, kada a cusa tambari can cikin lungu. Gefen hagun tambarin ya yi daidai da inda layukan wasiƙa suke farawa, a kan layi ɗaya suke tsaye. Ido yana jin daɗin haka ko mutum bai san dalili ba.

Sai fotokofi. Farin rubutu a kan shuɗi mai duhu, in aka yi kofi sau ɗaya aka sake yin kofin kofin, baƙin dunƙule kawai yake zama. Na taɓa neman lambar wani kamfani a kofin wasiƙarsu, na ɗaga takardar sama wajen taga, na juya, ban iya karanta ko lamba ɗaya ba, ga shi asalin wasiƙar tana wani ofishin. Ba mu kira su ba ranar. Adireshi dai baƙin rubutu ko mai duhu a kan farar takarda, shi ne yake jure wahala.

Maman Iman:
Anti Allah ya saka da alheri, wannan na shuɗin ya shige ni. To in na cire shi, ya zan tsara ƙasan? Kuma adireshin a sama ya fi ko a ƙasa?

Malam Habu:
Duka biyu ana yi. In adireshin gajere ne, layi uku ko huɗu, zai zauna a sama ta dama daura da tambari, a cikin milimita 22 ɗin nan, bai ci miki komai ba. In bayanan suna da yawa sai a raba: abin da mutum yake buƙata don ya amsa miki, wato waya da imel, a sama, adireshin ofis da cikakken sunan rajista da lambar rajista a ƙasa. Abin da ba na so shi ne a maimaita abu ɗaya sama da ƙasa.

Ƙasan kuwa, girman rubutu 8 ya isa, kada ki sauka ƙasa da 7 da rabi. A girma 8 kowane layi yana cin wajen milimita 3 da rabi, layi uku kenan 10 da rabi. In layin ƙarshe ya tsaya a milimita 12 daga baki, saman rubutun zai kai wajen 23, sai filin milimita 7 tsakaninsa da wasiƙa. Ga 30 ɗin da na ce. In abin da kike son sakawa ya fi layi uku, to wani abu ne ya kamata ya fita, ba wurin ne ya kamata ya ƙaru ba. Lambobin waya uku, misali. Ki zaɓi ɗaya da ake ɗauka kullum, ko biyu in ya zama dole.

Sunan rajista da lambarta ki tabbatar da abin da dokar kamfanoni ta inda kuka yi rajista ta ce a saka a takardun kasuwanci, domin ƙasashe da yawa suna wajabta wasu bayanai, kuma ba iri ɗaya ba ne. Ki rubuta sunan daidai yadda yake a takardar shaidar rajista, harafi da harafi.

Sadik:
Lambar asusun banki fa? Ni ina ganin a bar ta. Abokin ciniki ba sai ya kira ya tambaya ba.

Anti Larai:
A'a ɗana. Wurinta takardar neman biya ne. Wasiƙa tana zuwa hannun mutane da yawa waɗanda babu kuɗi tsakaninku da su. Kuma in kun canza banki, duk takardun da kuka buga sun tashi aiki.

Sadik:
Amma Anti ƙaramin kamfani ai takarda ɗaya yake amfani da ita, wasiƙa da ƙiyasin kuɗin aiki da neman biya duka. Ba kowa ne zai yi kala uku ba.

Anti Larai:
To sai a rubuta lambar a jikin takardar ranar da ake neman biya. Layi biyu ne.

Maman Iman:
Gaskiya mu ma takarda ɗaya muke amfani da ita, kuma abokin aikina shi ya nace a saka asusun. Zan kai masa maganar ku biyun, ban yanke ba tukuna. Yanzu dai Malam, batun shafi na biyu. Ya zan hana tambarin sake fitowa?

Malam Habu:
A Word ki danna sau biyu a saman shafi, Header zai buɗe. Abu na farko, tun kafin ki saka komai, ki sa alama a Different First Page. Ina cewa tun kafin, saboda in kin riga kin saka tambari sannan kika sa alamar, za ki ga ya ɓace daga shafin farko ya koma na biyu, mutane da yawa a nan suke rikicewa su ɗauka ya goge.

Sai ki sa Header from Top ya zama santimita 1.2, Footer from Bottom ma 1.2. A cikin Header na shafin farko ki saka tebur mai gida biyu, ki cire masa layukan gefe. Tambari da suna a gidan hagu, waya da imel a gidan dama. Hoton ki bar shi a In Line with Text, domin shi ne ba ya yawo in wani ya buɗe fayil ɗin a wata kwamfutar.

Ga dabarar da ta fi muhimmanci. Gefen sama da kike sakawa a Layout, Margins, Custom Margins, duk shafuka yake kamawa. In kika sa 4.5 saboda shafin farko, shafi na biyu ma zai fara a 4.5 alhali babu tambari a can, fili ya tafi a banza. Maimakon haka ki sa gefen sama 2.5, wanda ya dace da shafi na biyu. Word in abin da ke cikin Header ya fi gefen tsawo, da kansa yake tura wasiƙar ƙasa. Tambarin zai tura ta zuwa wajen 3 da rabi, sannan akwai wani layi marar komai da yake zama a ƙarƙashin tebur, ki ƙara masa Spacing After kaɗan-kaɗan har rubutu ya fara a 4.5. Ga yadda lambobin suke:

```
Paper size:          A4
Top:                 2.5 cm
Bottom:              2.5 cm
Left:                2.5 cm
Right:               2.0 cm
Header from Top:     1.2 cm
Footer from Bottom:  1.2 cm
```

Ƙasan ma haka yake aiki, Footer na shafin farko zai tura rubutu sama in kika ƙara wa layinsa na farko Spacing Before har ya kai santimita 3. A shafi na biyu ki saka sunan kamfani da ƙaramin rubutu da lambar shafi, shi kenan, domin in takardun suka rabu a san daga ina ta fito. In kin gama ki ajiye shi a matsayin Word Template, wato `.dotx`, yadda duk wanda ya buɗe sabuwar takarda zai samu, asalin yana nan ba a taɓa ba.

Zulai:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni na bi duk irin wannan awon, a allo komai daidai, amma in na buga sai layin ƙarshe na ƙasa ya yanke, ko kuma komai ya ɗan ƙanƙance ya koma gefe ɗaya. Na canza firinta ma haka. Har na fara tunanin ko fayil ɗin ne ya lalace.

Malam Habu:
Malama Zulai ki duba Layout, Size. Ina kyautata zaton Letter ne a wurin, ko kuma fayil ɗin A4 ne amma firintar tana kan Letter. Letter faɗinta milimita 215.9 ne, tsawonta 279.4, wato ta fi A4 faɗi da kusan 6 amma ta gaza ta tsawo da kusan 18. Wannan 18 ɗin daidai inda adireshin ƙasa yake zama ne. Ki daidaita su biyun, fayil da firinta, su zama A4. In PDF kike bugawa kuma, ki zaɓi Actual size, ba Fit ba, domin Fit ne yake ƙanƙanta shafi.

Zulai:
Na duba. Fayil ɗin A4 ne, firintar ce take kan Letter. Na gyara, ƙasan ya fito cif. Amma tambarin har yanzu gefensa kamar an ciccije shi.

Sadik:
Wannan nawa ne. A ina kika samo hoton? In a WhatsApp aka turo miki shi a matsayin hoto, an matse shi. Ki ce wanda ya zana ya turo asalin a matsayin Document, PNG marar bango, ko SVG in Word ɗinki sabo ne. Don bugu ana son ɗigo 300 a kowane inci. Tambari mai faɗin santimita 4 yana buƙatar ɗigo wajen 470 a faɗinsa, in ya fi haka ma ya fi. Ki danna dama a kan fayil ɗin ki duba Properties, Details, za ki ga nawa ne.

Zulai:
200 ne.

Sadik:
To shi ne. Bai kai rabin abin da ake so ba. Jan shi ya yi girma ba zai ƙara masa komai ba, sai an samo asalin.

Malam Habu:
Sadik ya faɗi daidai. In ƙara abu ɗaya tunda da Hausa da yawanmu muke rubutu: kafin ku zaɓi salon rubutu don sunan kamfani ko adireshi, ku buga ɓ, ɗ, ƙ da manyansu ku gani. Salo da yawa na ado ba su da su, sai Word ya aro harafin daga wani salon, ka ga ƙ ɗaya ta fita daban a tsakiyar kalma kamar baƙuwa.

Baba Ɗanjuma:
Ni dai har yanzu ina ganin tambari a tsakiya ya fi mutunci. Duk takardun manya da na sani a tsakiya yake. Wannan na gefe kamar an ture shi ne.

Malam Habu:
Ranka ya daɗe, tsakiya ba laifi ba ne. In tambarin mai faɗi ne, gajere, kamar suna da aka rubuta a kwance, yana zama a tsakiya lafiya cikin milimita 45 ɗin. Matsalar tana zuwa ne in zagaye ne ko dogo, ga suna dole ya sauka ƙasansa. Na Hajiya zagaye ne. In ta nace a tsakiya, sai tsawon tambarin ya ragu zuwa milimita 16 ko 17 kafin suna ya samu wuri a ƙasa, kuma a wannan girman ƙananan zanen cikinsa za su cushe.

Baba Ɗanjuma:
To a ƙara santimita ɗaya mana. Layi biyu ne kawai za a rasa, in na fahimci lissafinka.

Malam Habu:
Haka ne Baba, layi biyu ne. In wasiƙunta gajeru ne za ta iya. Abin da zan ja kunne a kai shi ne ambulan mai taga, in tana amfani da shi. Irin dogon nan, DL, milimita 110 ne da 220, ana naɗe A4 gida uku ta shiga. Adireshin mai karɓa dole ya faɗo daidai tagar, to in kan takarda ya sauko da yawa, ƙasan tambari ne zai leƙo ta taga maimakon sunan mutum. A ƙa'idar Jamus ta DIN 5008, a tsarinta na biyu, filin adireshi yana farawa ne a milimita 45 daga sama, naɗin farko a 105. Amma wurin taga ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka ambulan da ke hannunki shi za ki auna. Ki naɗe takardar ki saka, ki bubbuga ambulan a tebur ta sama da ta ƙasa, ki ga ko adireshin yana nan a taga duk inda takardar ta zame.

Anti Larai:
Kuma in za a kai maɗaba'a, kada a yarda da takarda mai sheƙi. Biro ba ya kama ta sosai, tawadar hatimi kuma ba ta bushewa da wuri, hannu ɗaya ya goga ta dame. Marar sheƙi, mai nauyin giram 100, ta fi ta kofi ta yau da kullum mai 80 kauri kuma tana wucewa a firinta lafiya. A gaya wa mai ɗab'in cewa takardar za ta sake bi ta firintar leza, domin zafinta yana narkar da irin rubutun nan mai tudu da ake yi don ado.

Maman Iman:
Na dawo. Na zauna da daddare na yi yadda Malam ya ce. Tambari a hagu santimita 2.2, suna a gefensa, waya ɗaya da imel a dama, ƙasa layi biyu baƙi a kan fari da siririn layi shuɗi a samansu. Na mayar da wasiƙar jiya girma 11, ta shiga shafi ɗaya har da ragowar wajen layi biyar a ƙasan sunana. Na yi fotokofi, na sake yin kofin kofin kamar yadda Anti ta ce, lambar waya tana karantuwa tsaf.

Abu ɗaya ya rage. Hatiminmu zagaye ne, santimita 4. Layi huɗun sa hannu santimita 2 ne kawai, da na buga shi sai ya hau kan sunana da muƙamina. In ƙara filin zuwa layi takwas?

Anti Larai:
Kada ki ƙara. Ki sa hannu a hagu a kan sunanki, hatimin ki buga shi ta dama, gefensa ya ɗan taɓa ƙarshen sa hannun. Daga kalmar rufewa zuwa muƙami ai layi bakwai ne, santimita 3 da rabi, da filin da ke sama da su ya kai 4, kuma daman wurin babu komai.

Malam Habu:
Haka nake gani ana yi. Sai dai wasu ofisoshin suna son hatimi ya hau kan sa hannun sosai. Hajiya, wurin da za ki kai wasiƙar nan, kin taɓa ganin yadda suke karɓa?

Maman Iman:
Ban taɓa kai musu ba, wannan ce ta farko. Gobe da safe zan kira sakatariyarsu in tambaya kafin in buga hatimin.